Koren kyandir ya kai inda nake so, amma an fitar da ni da asara

Mai tambaya, daga Garwa: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A kasuwar musayar kuɗi na sayi EURUSD, wato Yuro da Dalar Amurka, a kan 1.0850 daidai lokacin da kyandir na awa huɗu a jadawalin farashi ya buɗe, na sa iyakar asara a 1.0830, wurin ɗaukar riba kuma a 1.0885. Da na dawo na tarar da kyandir ɗin kore ne, lagwaninsa na sama har ya wuce wurin ribata, amma an rufe mini cinikin da asara. Alƙalumansa su ne: buɗewa 1.0850, sama 1.0890, ƙasa 1.0825, rufewa 1.0880. Shin dillalin ne ya cuce ni?

Wani malami, daga Marwa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu alamar cuta a waɗannan alƙaluma. Ka ɗauka cewa ka aiki yaro kasuwar albasa, ka ce ya rubuto maka farashi huɗu kawai: na buhun da aka fara sayarwa, na mafi tsada, na mafi araha, da na buhun ƙarshe kafin a tashi. Idan ya kawo takardar za ka san iyakar inda farashi ya yi yawo a ranar, amma ba za ka san ko arahar da hantsi ta zo ko bayan la'asar ba, kuma ba za ka san ko buhu ɗaya ne aka sayar a kan tsadar nan ko mota guda ba. Kyandir ma haka yake. Jikinsa tazarar da ke tsakanin buɗewa da rufewa ce, lagwanin sama da na ƙasa kuma suna nuna iyakar da farashi ya taɓa, ko da na daƙiƙa ɗaya ne.

Korensa ba ya nufin komai sai cewa 1.0880 ya fi 1.0850. Abin da ya kamata idonka ya fara sauka a kai shi ne 1.0825, domin yana ƙasa da iyakar asararka. Wato a cikin awa huɗun nan farashi ya taka iyakokinka duka biyu, kuma kyandir ɗin bai rubuta wadda aka fara takawa ba. Asusunka ne ya ba da amsa, tunda da saman ne ya riga zuwa da an rufe maka da riba tun kafin faɗuwar.

Wani ɗan kasuwa, daga Kusiri: Malam ya yi gaskiya, amma ni a sanina kowane koren kyandir ƙasa yake fara yi sannan ya hau, ja kuma ya fara hawa sannan ya sauko. Saboda haka launin kaɗai ya isa ya nuna abin da ya riga.

Malamin Marwa: Alhaji, hakan yana yawan faruwa, amma ba doka ba ce. Farashi yana iya tashi daga 1.0850 ya kai 1.0890 a rabin awar farko, ya faɗo har 1.0825, sannan ya sake hawa ya rufe a 1.0880, kuma hoton da zai fito ba zai bambanta da na ɗan'uwanmu ba ko da ƙwayar zarra. Mai son tabbaci ya sauka zuwa M5, wato jadawalin minti biyar-biyar, inda kyandir ɗin nan guda zai rabu gida 48, ya nemo na farko da ya taɓa 1.0830, ya gwada lokacinsa da wanda ke cikin tarihin cinikinsa. Sai dai a kula, agogon manhajar ciniki ta MetaTrader na dillali ne, kuma da yawa daga cikinsu suna gaban agogonmu da awa ɗaya ko biyu, gwargwadon lokacin shekara.

Wata 'yar'uwa, daga Njamena: Ni nawa ya fi wannan ɗaure kai, domin sayarwa na yi da dare, aka rufe mini a kan iyakar asara alhali lagwanin sama bai kai wurin ba, har a kan M1, na minti ɗai-ɗai, na duba.

Malamin Marwa: Hajiya, matsalarki daban ce. A MetaTrader, kyandir na musayar kuɗi galibi da farashin Bid ake zana shi, wato wanda dillali yake saye da shi, cinikin sayarwa kuwa da Ask ake rufe shi, wato wanda dillali yake sayarwa da shi, wanda yake sama da Bid. Wajen ƙarfe 10 ko 11 na dare a agogonmu, lokacin da ranar ciniki take ƙarewa a New York, ratar da ke tsakaninsu takan buɗe sosai, sai Ask ya taɓa iyakarki ba tare da kyandir ya nuna ba. Ki kunna layin Ask a saitin jadawalin, ki zauna ki kalle shi a wannan lokacin.

'Yar'uwar Njamena: Na gode, Malam, amma nawa wajen ƙarfe 8 ya faru, kuma layin Ask ba zai nuna mini ratar daren da ya wuce ba. Zan nemi dillalin ya turo mini bayanan farashi na wannan mintin.