Kapasita mai ragowar caji: ina kuskurena yake?

Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, lissafin nan ya hana ni barci tun jiya.

Na jera rezista R = 10 kΩ da kapasita C = 100 µF, wato τ = RC = daƙiƙa 1. Kafin in kunna 12 V, kapasitar na riƙe da 4 V. Dokar Kirchhoff ta ba ni RC·dv/dt + v = 12. Da na warware, na samu v(t) = 4 + 12(1 − e^(−t/τ)).

A t = 0 ya ba da 4, daidai. Amma a ƙarshe yana kaiwa 16, alhali mitata da na ɗora a ƙafafun kapasitar ta tsaya a 12. Zargina, na sa sharaɗin farko ba a gurbinsa ba. Shin sai na rubuta v = 12 + A·e^(−t/τ) tukuna, sannan in samu A = −8? Don Allah a nuna mini dalilin, mataki-mataki.