Jerin sunayen 'yan ƙungiyarmu: a wane irin fayil zan tura?

Sakataren Ƙungiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a ƙauyenmu, kusa da Ringim. Jerin 'yan ƙungiya yana cikin Excel: suna, lambar waya, lambar asusun banki, da buhunan takin kowa. Mutum uku ke nema. Jami'in gona yana da Excel, shugabanmu waya kawai gare shi, sai wani yaro mai haɗa mana manhajar tura saƙo, shi kuma ya ce CSV ko JSON. Wanne zan tura da zai buɗe wa kowa?

Ɗan Kasuwar Laraba: Ɗauki hotonsa ka tura ta WhatsApp, an gama.

Malamin Firamare: CSV mana. Rubutu ne zalla, waƙafi ne ke raba bayanan, ba abin da ba ya buɗe shi, ba ya cin data, kuma ba ya ɓata komai.

Tsohon Ma'aji: Malam, ba ya ɓata komai ka ce? Bara muka kai jerinmu wani ofis a CSV. Ma'aikacinsu ya buɗe da Excel, ya adana a kai, ya tura gaba. Lambar asusu guda goma ce, amma duk wadda ta fara da sifili ta koma tara. Waɗannan mutanen kuɗinsu bai shiga ba, na maƙwabtansu ya shiga. Wa aka kama? Ni. Har gaban mai unguwa aka kai ni, wai na cinye haƙƙin marayu. Surukina har yau gaisuwar sama-sama yake min.

Malamin Firamare: Allah ya kyauta, Baba. Amma ai wannan laifin ma'aikacin ne.

Mai Shagon Kwamfuta: Duk ku biyun kuna da gaskiya. Sifilin yana nan a cikin CSV ɗin, a buɗe shi da Notepad za a gani. Matsalar ita ce CSV ba shi da wurin faɗin cewa wannan lambar waya ce, ba ta lissafi ba. Da an danna shi sau biyu, Excel sai ya yi hasashe, 08030000000 ta koma 8030000000. In da 234 aka fara, ta yi tsawo, sai ka ga 2.34803E+12, in aka adana a haka kuwa sauran lambobin sun tafi ke nan. Wanda zai buɗe ya bi ta Data, sannan From Text/CSV, ya mayar da layin lambobin Text kafin ya shigar.

Sakatare, shawarata: xlsx, wato fayil ɗin Excel na asali, ya zama uwar fayil, layukan waya da asusu ka sa su Text. Shi za ka ba jami'i, shugaba ma WPS Office zai buɗe masa a waya. Yaron kaɗai za ka cire wa kwafi ta Save As, ka zaɓi CSV UTF-8, ba CSV ɗin gama-gari ba, in ba haka ba Ɗanladi zai dawo ?anladi. Ka sani kuma shafin da ke buɗe kawai yake ɗauka, launi da ƙa'idojin lissafi ba sa bin sa, sai sakamakon.

Ɗalibar Dutse: Me ya sa ba JSON ba? Shi yana bambanta rubutu da lamba:

```
{"suna": "Ɗanladi", "waya": "08030000000", "buhu": 4}
```

Mai Shagon Kwamfuta: Haka ne, ƙanwata, amma wa zai gyara mutum ɗari biyu a cikin wannan? Shugaba zai iya karanta shi a waya? Yaron ya juya CSV zuwa JSON da kansa, aikinsa ne.

Ɗalibar Dutse: Yaya, wannan muke karanta a makaranta fa.

Tsohon Ma'aji: 'Yata, an taɓa kai ki gaban mai unguwa?

Ɗan Kasuwar Laraba: Ni dai littafina mai bangon kwali bai taɓa cinye sifili ba, sai dai gara ta cinye shafin duka.

Uwar Marayu: Wai nawa ake buga jerin a shago? An karɓi ɗari biyar a hannuna kan kowane shafi.

Malamin Firamare: Hajiya, an cuce ki. Ɗari biyu ne a wajenmu.

Mai Shagon Kwamfuta: Ɗari biyu in akwai wuta. Da janareta ba wanda zai yi miki haka.

Sakataren Ƙungiya: Na gode. To ranar rajista fa? Na rubuta 03/04, jami'in ya ce a wajensa Maris ke fitowa, alhali Afrilu nake nufi.

Uwar Marayu: Kai ma dai, Sakatare. Duk shekara a karɓi suna, a karɓi NIN, a karɓi hoto. Takin fa? Bara sai da shinkafa ta fara fidda kai ya iso.

Tsohon Ma'aji: Ku naku ya iso ma. Mu buhu ɗaya aka ce mutum uku su raba, kuma kuɗin motar ɗauko shi daga aljihunmu ya fita.