Taƙaitawa: buɗe asusun banki a Birtaniya kafin a samu mazauni

Ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan yadda sabon zuwa Birtaniya zai buɗe asusun banki kafin ya samu mazauni nasa:

1. An yi ittifaƙi cewa ba fasfo ne cikas ba, shaidar adireshi ce, domin manyan bankuna suna neman takardar harajin ƙaramar hukuma ko ta kuɗin wuta mai ɗauke da sunanka, alhali sabon zuwa da ke kwana a falon ɗan'uwansa ba shi da ko ɗaya.

2. Mafi yawa sun ba da shawarar a fara da bankunan waya irin su Monzo, waɗanda galibi fasfo da ɗan bidiyon fuska suke nema, sai adireshin da za a aiko da kati.

3. Ɗalibi ya karɓi wasiƙar banki daga jami'arsa bayan rajista, wato takardar da ke shaida wa banki ɗalibcinsa da adireshinsa, ya tabbatar sunan da ke jikinta ya dace da na fasfo harafi da harafi, don Muhammad da Mohammed kaɗai kan sa a mayar da mutum gida.

4. An rabu kan amfani da adireshin mai masauki. Wasu sun ce babu laifi muddin can kake kwana kuma ya amince, wasu kuma sun ja kunne cewa mai masaukin da ke zaman kaɗaici zai iya rasa rangwamen kashi 25 na harajin ƙaramar hukuma da yake biya kan gidansa idan zamanka ya ɗore.