Neman sunan Hausa ga kandilsitik, safot da rizistans

Malamin lissafi (mai buɗe zancen):
Assalamu alaikum. Ina shirya ɗan rubutu don ƙannenmu masu fara koyon cinikin hannun jari da kuɗaɗen waje, kuma kalmomi uku sun tsaya mini, wato kandilsitik, safot da rizistans. Ta farko na ga kamar ta yi sauƙi, domin muna da kyandir, kuma siffar ta dace: akwai jiki, akwai lagwani a sama da ƙasa. Misali, idan hannun jari ya buɗe a naira 100, ya hau har 108, ya sauka har 97, sannan ya rufe a 104, jikin kyandirin zai kama daga 100 zuwa 104, lagwanin sama ya kai 108, na ƙasa kuma ya kai 97. Sauran biyun ne nake neman taimako a kansu: safot, inda farashi ya saba tsayawa idan yana sauka, da rizistans, inda ya saba tsayawa idan yana hawa. Na fara rubuta madogara da katanga, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan kasuwar hatsi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kyandir ya yi, kuma ni abin bai zame mini baƙo ba, tunda an ce asalin zanen daga 'yan kasuwar shinkafa na Japan yake. Kore yana nufin kaya sun fi jiya tsada, ja kuma sun fi jiya araha. Game da sauran, ni da daɓe da rufi zan ce, domin farashi kamar mutum ne a cikin ɗaki, ƙafarsa ba ta wuce daɓe, kansa ba ya wuce rufi.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki:
Alhaji ya yi daidai a kan asalin, domin ana danganta shi da kasuwar shinkafa ta Dojima da ke Osaka, kuma Steve Nison ne ya yaɗa shi a ƙasashen Yamma da littafin da ya fitar a 1991. Sai dai batun launi yana buƙatar gyara, don a nan ne masu koyo suke fara tuntuɓe. Kore ba ya kwatanta yau da jiya, yana kwatanta rufewar kyandirin ne da buɗewarsa shi kansa. A misalin Malam, da a ce jiya an rufe a 106, yau kuma aka buɗe a 100 aka rufe a 104, kyandirin kore ne shar, alhali wanda ya saya jiya da yamma yana cikin asarar naira biyu a kowane hannun jari. Haka kuma kyandirin ba ya faɗin wanda ya riga zuwa tsakanin 108 da 97, sai an sauka zuwa kyandirori na awa ɗaya ko na minti goma sha biyar kafin a gani.

Daɓe da rufi suna da wani alheri guda da ba zan ɓoye ba. A gidan bene, rufin ɗakin ƙasa shi ne daɓen ɗakin sama, kuma haka ake yawan gani a zanen: inda farashi ya daɗe yana dukan kansa, idan ya fasa ya haye, sau da yawa nan ne zai dawo ya taka. Amma kalmomin sun yi alkawarin da kasuwa ba ta yi ba. Daɓe siminti ne, shi kuwa abin da muke magana a kai ba kome ba ne illa wurin da masu saye suka taɓa rinjayar masu sayarwa, kuma babu wanda ya ɗaure su su sake fitowa gobe. Wannan aibin yana tare da madogara da katanga ma.

Ɗalibin jami'a:
Hajiya, ni na ɗanɗana wannan da kuɗin aljihuna. Na ga wani kaya ya sauka wajen 96 sau biyu yana komawa sama, sai na ja layi a 96 daidai, na saya a karo na uku, na kuma sa umarnin tsayar da asara a 95.5, wato a sayar da kayan idan farashi ya sauka nan. Cikin dare farashi ya leƙa 94, umarnin ya fitar da ni, da safe na tarar ya koma 101, sai wani dogon lagwani da ya rage a zanen kamar yana yi mini gwalo. Ina ganin kamfanin dillalin ne ya ga inda na sa umarnina ya farauce ni.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki:
Ɗana, ba sai an ga naka ba, domin duk mai kallon wannan zanen ya ga 96 ɗin da ka gani, kuma yawancinsu sun ajiye umarninsu ƙasa da shi kaɗan, don haka idan farashi ya taɓa wurin, umarnan sayarwa suna fashewa a jere su ƙara tura shi ƙasa kafin masu saye su kwashe. Ka koma ka duba saukar farko da ta biyu, da wuya ka tarar duka sun tsaya a 96 cif. Wataƙila ɗaya ta tsaya a 96.4, ɗaya a 95.2. Ashe ke nan yanki ne mai faɗi, kai kuma ka sa umarninka a tsakiyarsa. Shi ya sa masu ƙwarewa suke bambanta lagwani da ya leƙa ƙasa da jikin kyandir da ya rufe a ƙasa, ko da yake jiran rufewa ma yana da tsadarsa, don idan fashewar ta gaske ce, asarar ta ƙaru kafin ka fita.

Saboda haka ni shawarata ita ce zango: zangon ƙasa da zangon sama. Zango wuri ne mai faɗi inda ayari ya saba yada kaya, kowa yana sa ran a tsaya a nan, amma idan madugu ya ga dalili sai a wuce ba a ko sauke jaki ba.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Ku gafarce ni, ni na ɗauka za a faɗi wane launi ne idan ya fito mutum zai saya. Idan babu wannan, mene ne amfanin sunayen?

Malamin lissafi:
Babu irin wannan launin, ɗan'uwa, kuma dalilin da ya sa nake tsantseni wajen zaɓen suna ke nan. Zanen tarihin ciniki ne kawai, bai san labarin da zai fito gobe ba. A watan Satumba na 2011 Babban Bankin Suwizalan ya yi alkawarin ba zai bar yuro ya sauka ƙasa da faran 1.20 na kuɗin ƙasar ba, kuma sama da shekara uku duk mai buɗe zanen EUR/CHF, wato na yuro da faran, yana ganin farashi yana zuwa wajen nan yana tsayawa. Ranar 15 ga Janairu, 2015 bankin ya janye alkawarin ba zato, cikin 'yan mintoci yuro ya faɗi ƙasa da faran ɗaya, kuma waɗanda suka sa umarnin tsayar da asara a 1.19 ba su samu mai saye a nan ba, sai can ƙasa da nisa. Idan wanda babban banki ya tsaya masa ya rushe haka, ban ga yadda zan kira layin da na ja da hannuna daɓe ba.

Ɗan kasuwar hatsi:
Na karɓi gyaran launi, Hajiya, amma zango bai gamsar da ni ba. Yaran yanzu idan suka ji zango, zangon karatu suke tunawa, kuma kalmar ba ta nuna cewa ɗaya yana tare farashi daga ƙasa, ɗaya yana danne shi daga sama ba.

Malamin lissafi:
Wannan ƙorafin yana da ƙarfi, Alhaji. A rubutun zan sa zanen kyandir, jiki da lagwani, tunda babu wanda ya ja a kansu, sannan in gwada zangon ƙasa da zangon sama a kan ɗalibai biyar ba tare da na yi musu bayani ba, in ji abin da za su fahimta. Misalinka na gidan bene kuwa zan ajiye shi don wurin da zangon sama yake komawa na ƙasa.