Neman kalma: kuɗin da ke shigowa duk shekara ba ranar yankewa

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ranar Asabar ina da darasi da 'yan kasuwa a rediyo, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, wadda Turawa ke kira fafecuwiti. Misalin da na shirya shi ne shago a Kantin Kwari da ke kawo hayar naira 600,000 duk shekara, ba ranar tsayawa. Mai saye yana neman ribar kashi 20 cikin ɗari, don haka ƙimar shagon a yau naira miliyan 3 ce, tunda kashi 20 na miliyan 3 shi ne 600,000 ɗin. Me zan kira irin wannan kuɗi? Ga kuma ƙanensa mai ƙaruwa duk shekara, ga kashi 20 ɗin da suke kira diskawun.

Auwalu Fagge: Madawwamin biya. Shi kuwa diskawun ai rangwame ne, kowa ya sani.

Malam Tijjani Akanta: Auwalu, kana cewa rangwame ɗan Kwari zai ji an rage masa kuɗin atamfa. Nan ba wanda ya yi wa wani ragi. Kuɗin baɗi ake mayarwa kuɗin yau: 600,000 da za a ba ka baɗi daidai take da 500,000 a hannu, domin 500,000 in ta juya da ribar kashi 20 ita za ta zama 600,000. Ni a ofis “ribar da ake nema” nake cewa.

Baba Liman: Hadiza 'yata, kada ki ce madawwami a rediyo. Dawwama ta Allah ce. Shagon da gobara kan ci cikin dare ɗaya ne za a ce masa madawwami?

Malam Tijjani Akanta: Allah gafarta Malam, lissafin ma yana bayanka. A ribar kashi 20, hayar shekara ta 50 ƙimarta a yau wajen naira 66 ce kacal. Shekaru goman farko su ke ɗauke da kusan kashi 84 na miliyan ukun. Abin da ake nufi kawai shi ne ba a sa ranar yankewa ba. Gwamnatin Birtaniya ta fara fitar da takardun bashi irin wannan a 1751, kuma ta fanshe na ƙarshensu a 2015.

Ɗan Gwale: Na daɗe da maganin wannan: ɗorau. Daga ɗorewa, kamar yadda muke da mantau daga mantuwa. Mai ƙaruwa kuma ɗorau mai hawa. Gajere, namu, ba aro.

Hajiya Rabi: Ni ɗorau na ji kamar wanda ake ɗora wa kaya. Me ya hana jariya? Duk wanda ya zauna a gaban malami ya san sadakatul jariya, abin da ke gudana ba ya tsayawa.

Ɗan Gwale: Hajiya, kullum sai mun gudu wajen Larabci? Harshenmu bakarare ne da ba zai haifi kalma ba?

Baba Liman: Yaro, kalmar “lissafi” da kake faɗa daga ina ta zo? Amma jariya ma ban yarda ba. Ta lada ce, kada a kai ta kan kuɗin haya.

Ɗan Gwale: To a gwada ɗorau mana. Da wani farfesa ne ya kawo ta da tuni an karɓa.

Malama Hadiza: Don Allah a dawo. Abin da ya fi damuna shi ne mai ƙaruwar. A littafi haka yake:

```
PV = C1 / (r - g)
```

PV ita ce ƙimar yau, C1 hayar baɗi, r ribar da ake nema, g kuma ƙarin da haya ke yi duk shekara. An ce dole g ya gaza r. Mai sauraro ba ya ganin allo, yaya zan sa ya ji dalilin da kunnensa?

Alhaji Sabo: Nan ne ban yarda ba. Ina da shaguna biyu a Sabon Gari, bara na ƙara haya kashi 25 kuma aka biya. Ribar da kuke faɗa 20 ce. Kenan nawa shagon ba shi da ƙima?

Malam Tijjani Akanta: Alhaji, bari mu bi shi shekara-shekara. A ce hayar baɗi 600,000 ce, tana ƙaruwa kashi 8 duk shekara. Ta farko ƙimarta a yau 500,000. Ta biyu ta hau da kashi 8, amma sai an ƙara jiran shekara guda, wato a ninka da 1.08 a raba da 1.2, ya ba da 0.9. Sai ta zama 450,000, ta uku 405,000, haka kowace tana gaza ta gabanta da kashi ɗaya cikin goma. Tunda raguwa suke yi, jimlarsu tana da inda za ta tsaya, wato miliyan 5. Shi ne 600,000 a raba da 0.12, wato ribar kashi 20 a cire ƙarin kashi 8.

To a ce ƙarin ya kai kashi 20, ya yi kunnen doki da ribar. Abin da haya ta hau shi jira ya cinye, kowace shekara 500,000 take a yau, ta baɗi da ta shekara dubu duk ɗaya. Ka yi ta tarawa ba ka kai ƙarshe ba. In ka sa naka 25, kowace ma fin ta baya take yi. Wanda ya dage ya danna kalkuleta zai ga miliyan 12 da alamar ragi a gabanta, kamar sai an biya mutum kafin ya karɓi shago. Da ka ga wannan ka san an fita daga inda dabarar ke aiki.

Naka ƙarin na shekara guda ne, Alhaji. Hayar da ke hawa kashi 25 kullum za ta wuce cinikin ɗan hayar, ya tashi. Irin naka sai a lissafa shekarun hawan ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗora dabarar a kan ƙari mai sauƙi da zai iya ɗorewa. In kuma tsadar kaya ce ta ɗaga hayar, ita ma ribar da mai saye ke nema sai ta ɗaga, ba za a bar ta a 20 ba.

Auwalu Fagge: Na gane. Wato hayar da na karɓa bana na raba da 0.12.

Malam Tijjani Akanta: Ta baɗi. In 600,000 ta riga ta shiga aljihu, mai zuwa 648,000 ce, ƙimar ta zama miliyan 5.4. Malama, ki kuma ja kunnensu kan kusantar ƙari da riba: a hayar 600,000, ƙarin kashi 18 na ba da miliyan 30, kashi 19 miliyan 60. Maki ɗaya ya ninka farashi, kuma ta nan mai sayarwa ke cusa zato.

Hajiya Rabi: To Hadiza, ki ce musu doki biyu ne, jira da ƙari. Muddin jira na gaba, kuɗin nesa ƙanƙancewa yake yi.

Ɗan Gwale: Kun ga Akanta da bakinsa ya ce “ɗorewa”. Ɗorau ce ke neman fita.

Malama Hadiza: Na gode ƙwarai. Zan ce “kuɗin shiga mara yankewa”, ɗayan kuma “mara yankewa mai ƙaruwa”. Dokin Hajiya zan ara. “Ribar da ake nema” ba ta kwanta mini ba, don ba ta nuna mayar da kuɗin gobe zuwa yau, amma Asabar ta matso.

Baba Liman: Mara yankewa da dama-dama. Ki ƙara “a lissafi”.

Ɗan Gwale: Kalma huɗu inda ɗaya ta isa. Ko sau ɗaya ki ambaci ɗorau, Malama, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Malama Hadiza: Sau ɗaya, in lokaci ya bari. Wanda ya samo wa diskawun abin da ya fi, ina nan har daren Juma'a.