Neman shawara: yaya zan nuna wa mai kyamara irin hoton da nake so?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan ɗauki gajeren fim a ƙauyenmu da ke bayan Ringim cikin watan Disamba, labarin wata dattijuwa ce da jikanta. Mai kyamarar da zai zo daga Kano ya ce in turo masa allon hotuna da takardar fasalin fim kafin ya san kayan da zai yi haya. Na ce masa ina son hoto mai ɗumi da ban tausayi, ya ce wannan bai ishe shi ba. Don Allah me ake zubawa a ciki?

Auwalu Mai Zane: Wa alaikumus salam. Ai zane yake nufi. A zana kowace ɗauka a ɗan akwati, inda ɗan wasa zai tsaya da inda kyamara za ta tsaya. In kana so ni ma ina yi.

Habu Edita: A'a Auwalu, wancan daban ne, shi yana zuwa daga baya. Ƙanena, ka tsayar da finafinan waje da suka burge ka, ka ɗauki hotuna kamar hamsin ka tura masa ta WhatsApp. Maganar kala kuma kada ta dame ka, a wajen tacewa muke gyara ta.

Malam Lawan: Habu ya yi gaskiya cewa hotuna ake tarawa, amma hamsin sun yi yawa, kuma hoto ba bayani shi ne matsalar. In ka tura wa mai kyamara hoton wata mata zaune bakin taga, bai san me ya burge ka ba: hasken ne, launin bangon ne, ko kusancin kyamara da fuskar? Zai zaɓi ɗaya da kansa, wataƙila ba naka ba. Don haka ka tsaya a hotuna 12 zuwa 15, kowanne da layi ɗaya a ƙarƙashinsa. Misali: "A nan hasken kawai nake so, yadda ya fito ta gefe ɗaya ya bar rabin fuska cikin duhu. Kada ka kula da kayan jikinta." Ka haɗa da biyu ko uku na abin da ba ka so, kamar ɗakin da aka haske ko'ina tas har inuwa ta ɓace. Sau da yawa waɗannan sun fi saurin fahimtar da mutum.

Abu na biyu, kuma shi na fi damuwa da shi, rabin hotunan su zama naka ne, ka ɗauka da waya a gidan da za a yi aikin. Hoton da aka ɗauka a ƙasar da ke da gajimare da koren daji ba zai samu a Ringim cikin hunturu ba. A Disamba sama fari take yi fat saboda hazo, inuwa ta yi laushi, jar ƙasa da bangon laka su koɗe. Rana kuma tana karkata kudu a wannan lokaci, ƙofar da ke kallon arewa ba za ta sha rana kai tsaye ba. Ka shiga zauren da tsakar gidan da hantsi, da azahar, da bayan la'asar, ka ɗauka daga wuri ɗaya, ka rubuta lokaci da inda ƙofa ke kallo. Tunda damina ta wuce kafin ku fara, kada ka sa hoton gona kore shar a allon, za ka ruɗe shi.

Ita kuma takardar, shafi ɗaya ga kowane wuri ya isa. Bari in yi maka na ɗakin dattijuwar da dare, tunda na san ba za a rasa shi ba. A sama hotuna biyu. A ƙasa ka rubuta: haske ɗaya ne, daga fitilar ƙwai da ke kan tabarma a hagunta, bango ya nutse cikin duhu amma a riƙa ganin azara kaɗan, kyamara a kan ƙafa, ba motsi, a daidai idon mai zaune a ƙasa, a matso fuska, bayanta ya dushe. Da ya karanta wannan ya san zai taho da lensi mai buɗewa sosai don shigar haske, kamar mai milimita 50 ko 85, da ƙaramar fitila mai batir da zai ɓoye ta taimaka wa fitilar ƙwan, don ita kaɗai ba za ta isa ba, hoton zai yi yashi-yashi. Ya kuma san zai saita farin kyamara, wato ma'aunin launin haske, wajen 3200, saboda harshen wuta ya fito ruwan zuma. In aka bar shi a 5600 na hasken rana, fuskar za ta yi ja kamar garwashi. Wannan shi ne ɗumin da ka faɗa masa da baki bai kama ba.

Ka haɗa duka a PDF ka tura a matsayin fayil. WhatsApp yana matse hoto, wuraren duhu su farfashe, alhali su ne kake son ya duba.

Maman Ilham: Malam Lawan, a ƙara da sutura don Allah. Mun taɓa aiki a wani ƙauye wajen Dambatta, an tsara komai, ranar ɗauka sai ga tsohon da zai fito a maigari da farar shadda sabuwa dal. In an gyara haske don fuskarsa, rigar ta ƙone ba a ganin ɗinkin; in an gyara don rigar, fuskar ta yi baƙi ƙirin. Sai aron wata muka yi a maƙwabta. Ɗana, ka ɗauki hoton zanen dattijuwar da rigar yaron a jikin bangon gidan ka sa a takardar. Shuɗi mai duhu yana fitowa da kyau a kan laka, ruwan ƙasa kuwa sajewa yake. Ka guji yadi mai ƙananan ratsi, rawa yake yi a kyamara.

Ɗan Ringim: Allah ya saka da alheri Malam, na gode Mama. Amma a gidan da tocilan mai caji suke amfani, ba fitilar ƙwai ba. Kuma akwai inda take jiran yaron a bakin rumbu rana na faɗuwa, shi nake so ya fi ko'ina kyau.

Malam Lawan: To ka yanke hukunci yanzu, ka rubuta. Tocilan haskenta fari ne mai shuɗi-shuɗi, ɗakin zai yi sanyi, ba abin da ka nema ba. Ko dai ka kawo fitilar ƙwai a matsayin kayan tsohuwa da ta ƙi rabuwa da shi, ko ka karɓi sanyin ka bar ɗumin ga murhun tsakar gida. Kada ka bar mai kyamara ya gano wannan a daren ɗauka.

Na bakin rumbu kuwa, rana tana faɗuwa shida da 'yan mintuna a Disamba, amma ranar da hazo ya yi kauri tana ɓacewa cikin ƙura tun kafin ta kai ƙasa. Ka rubuta a fara da biyar, rana a bayanta, a dawo wa fuska da haske da farin allo. Ka sa hoto na biyu na ranar hazo, ku yarda tun yanzu ko za ku ɗauka a haka ko ku jira gobe.

Habu Edita: Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, Malam. In ya ɗauka da kala a kwance, wato a koɗe don a gyara ta daga baya, faɗuwar ranar nan zan iya dawo da ita a kwamfuta.

Malam Lawan: Launin za ka iya, Habu. Hasken da ya zagaye gefen mayafinta daga baya fa? Wanda ba a ɗauka ba, ba ka da inda za ka samo shi.

Habu Edita: Sai mun gwada. Ƙanena, in ka je ɗaukar hotunan, ka yi mini bidiyon rumbun na minti ɗaya ranar hazo, ka turo in taɓa shi mu gani.