Asusu biyu, wanne ya fi biyan kasadar da ke cikinsa?

Maman Hafsat: Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan asusun zuba jari guda biyu. Na farko yana ba da ribar kashi 24 cikin ɗari a shekara, hawa da saukarsa kashi 20, na biyu kuma riba 19, hawa da sauka 5. An ce in duba ma'aunin Sharpe, amma ban san yadda ake lissafinsa ba.

Nasiru: Wa alaikumus salam. Hajiya, a raba riba da hawa da sauka kawai. Na biyu zai ba da 3.8, na farko 1.2, magana ta ƙare.

Malam Isyaku: Nasiru, ka tsallake mataki ɗaya, kuma shi ne ginshiƙin ma'aunin da William Sharpe ya gabatar a 1966. Kafin a raba, sai an cire ribar da mutum zai samu ba tare da kasada ba, wadda yawanci ake ɗaukowa daga takardun lamunin gwamnati na gajeren zango, domin abin da ya haura wannan ne kaɗai ladan kasada.

```
Sharpe = (Rp - Rf) / σ
```

A nan Rp ribar asusu ce, Rf ribar da babu kasada, σ kuma hawa da sauka. Mu ƙaddara ribar takardun kashi 16 ce. Rarar na farko 8, a raba da 20, ya zama 0.4, rarar na biyu 3, a raba da 5, ya zama 0.6. Amma idan ribar takardun 18 ce, na farko zai koma 0.3, na biyu kuma ya faɗo 0.2, wato wanda ke gaba ya koma baya alhali babu abin da ya sauya a cikin asusun. Wannan ne ya sa nake roƙonki, Hajiya, kada ki dogara da lambar da kowane kamfani ya buga a takardarsa, sai kin tabbatar da cewa shekaru ɗaya suka auna, da kuɗi iri ɗaya, kuma riba ɗaya suka cire.

Hajiya Rabi: Ni lamba mai kyau ce ta ruɗe ni. Asusun da na shiga gidaje ya mallaka, ba a kimanta su sai sau ɗaya a shekara, shi ya sa ribarsa ta fito sumul a takarda. Da na nemi kuɗina sai da na jira watanni.

Malam Isyaku: Gaskiya ne, kadarar da ba a yawan yi mata farashi tana ɓoye hawa da saukarta, sai ma'aunin ya kumbura. Ya kamata a tambayi abin da asusu na biyu ya mallaka.

Maman Hafsat: Na gode, Malam. Amma ni ba na sayen takardun da ke da kuɗin ruwa. Shin ribar sukuk, wato takardun jari irin na Musulunci, zan cire?

Malam Isyaku: Wasu haka suke yi, kuma ina ganin hujjarsu, tunda shi ne zaɓin da ke gabanki. Sai dai sukuk na gwamnatin Najeriya na shekaru da yawa ne, farashinsa yana motsi kafin wa'adi. Ki lissafa da duka biyun, ki kawo mana abin da ya fito.